Tarihin haɗaɗɗun baƙaƙe a rubutun Devanagari

A rubutun Devanagari, wanda ake rubuta Hindi da Marathi da Nepali da Sanskirit da shi, kowane baƙi yana ɗauke da wasalin "a": क "ka" ne, ष kuma "sha". Idan baƙaƙe biyu suka zo a jere babu wasali a tsakaninsu, sai a haɗe su su zama siffa ɗaya. Tsarin gado ne daga rubutun Brahmi na zamanin Sarki Ashoka, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, inda ake ɗora baƙi a kan baƙi.

Haɗin iri-iri ne. Baƙin da ke da sanda a tsaye yakan yar da ita ya koma rabi, kamar स da त a स्त. Wanda ba shi da sanda akan ɗora shi bisa na biyu, kamar ट्ट. Wasu kuwa sukan rikiɗe gaba ɗaya, kamar क्ष. Inda ba a haɗa ba, akan sa wa baƙin farko ɗan karan da ake kira halant a ƙarƙashinsa (क्), wanda aikinsa irin na ɗauri ne a ajami.

Alƙalami bai damu da yawan siffofin nan ba, amma ɗab'i ya damu, domin kowace siffa sai an zuba mata nata ƙarfen. Maɗaba'ar Nirnaya Sagar, wadda aka kafa a Bombay a 1869, ta tanadi ɗaruruwansu. Injin Linotype na Devanagari, na shekarun 1930, maɓallai 90 kawai yake da su, don haka aka koma jera rabin baƙaƙe a layi.

A kwamfuta kuwa, Unicode, wanda ya bi tsarin ISCII na Indiya, bai ba haɗaɗɗun baƙaƙe lambobi ba. Ga yadda yake ajiye क्ष:

```
U+0915 U+094D U+0937
```

Wato क, sai halant, sai ष. Manhaja irin su HarfBuzz ce ke duba dokokin OpenType da ke cikin salon haruffan da aka zaɓa, ta musanya ukun da siffa ɗaya.

A nan ne haɗin kan wargaje a wasu lokuta. Idan maƙerin salon bai zana haɗin ba, manhajar sai ta ɗauki rabin baƙi. Idan shi ma babu, halant ya fito fili. Karatun bai canza ba, kamannin ne kawai. Idan kuwa manhajar ce ba ta iya haɗi ba, kowane haɗi zai watse, kuma akwai alama: wasalin "i" gajere, da ya kamata ya zauna hagu da baƙi kamar a कि, sai ya koma dama.

Akan kuma raba haɗin da gangan. Sa U+200C bayan halant yana bayyana shi, U+200D kuwa yana kawo rabin baƙi.