Sarƙar Jabu da Ma'aunin Kalmomi

Tun kafin malamin aji ya fara yanka wa ɗalibai adadin kalmomi, editan jarida ne mai wannan aiki. A shekarar 1884 jaridar Le Gaulois ta birnin Faris ta buga labarin Guy de Maupassant mai suna La Parure. Mathilde, matar wani ƙaramin akawu, ta ari sarƙar lu'ulu'u wurin ƙawarta don ta je biki, sarƙa ta ɓata. Ita da mijinta suka ci bashi, suka sayi wata a kan faran 36,000 suka mayar, suka shekara goma suna biya. Sai a ƙarshen labarin ƙawar ta gaya mata ai waccan jabu ce, kuɗinta bai wuce faran 500 ba.

Wanda ya koma ya sake karantawa zai tarar Maupassant bai yi masa rufa-rufa ba. Da suka je wurin mai kantin da sunansa ke jikin akwatin sarƙar, ya duba littafinsa ya ce shi bai sayar da sarƙar nan ba, sai dai ko akwatin. Ga amsa nan a fili, amma hankalin mai karatu yana kan tashin hankalin ma'auratan, sai ya tsallake ta.

A Amurka O. Henry ya mayar da wannan dabara ta ba da mamaki a ƙarshen labari sana'a, yana ba jaridar New York World labari duk mako. A 1905 ya fito da The Gift of the Magi: mata ta sayar da gashinta ta sayo wa agogon miji sarƙa, shi kuwa ya riga ya sayar da agogon ya sayo mata matajin ƙawata gashi. Masu kwaikwayonsa suka yi ta jan abin har ya gundiri mutane.

Da rubutun ƙirƙira ya shiga aji, ma'auni ya ƙara tsukewa. Kundin Flash Fiction na 1992 ya tsaya wajen kalma 750. A wajenmu kuma gasar Hikayata, wadda BBC Hausa ta fara a 2016, ta koya wa marubuta mata ƙirga kalmomi.

A nan ne ɗalibi kan yi tuntuɓe. An ce kalma 750, shi ya rubuta 1,000, dole ya zubar da 250. Jimlar ƙarshe ba ya taɓa ta, don da ita yake taƙama. Sai ya bi tsakiya yana yanka, kuma abin da ya fi kama da surutu, wato irin maganar mai kantin nan, shi wuƙa ke fara ci. Malami ya karanta, ya kai ƙarshe, ya koma baya neman inda aka binne alama, bai samu ba. Sai ya ja layi da jan biro, ya rubuta a gefe: "Daga ina wannan ya faɗo?"