Sau nawa ya kamata a wanke kai? Ma'auni ga mazauna Salaga, Yendi da Bawku

Babu adadi ɗaya da ya dace da kowa wajen wanke kai. Abubuwa uku ne ke yanke hukunci: irin gashin mutum, yawan maiƙon da fatar kansa ke fitarwa, da kuma gumi da ƙurar da yake kwasa a rana. Ga mai gashi irin namu mai murɗewa, mafarin lissafi shi ne wanki da shamfu ko sabulu sau ɗaya a mako, daga nan a ƙara ko a rage.

Dalilin da ya sa gashinmu ba ya son wanki kullum

A gindin kowane silin gashi akwai wata 'yar jaka da ke fitar da maiƙo. A miƙaƙƙen gashi, maiƙon yana gangarowa har ƙarshen sili cikin sauƙi, shi ya sa masu irinsa kan wanke kai bayan kwana ɗaya ko biyu. A gashi mai murɗewa kuwa, lanƙwasar silin tana tare maiƙon a gindi, sai fatar kai ta yi maiƙo amma bakin gashin ya bushe. Duk wankin da aka yi da sabulu yana ɗauke ɗan maiƙon da ya isa silin, kuma busasshen gashi shi ne ke karyewa a mataji. Saboda haka ne ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ke ba masu irin wannan gashi shawarar wanki sau ɗaya a mako ko a mako biyu.

Wannan ya fi shafar mai dogon gashi. Namijin da ke aski duk mako ko mako biyu ba shi da tsawon da zai karye, don haka yana iya ɗauraye kansa kullum a wanka, ya sa sabulu sau biyu ko uku a mako.

Yadda za ka gane fatar kanka

Bayan ka wanke kai, kada ka shafa mai, sannan ka riƙa murza yatsa a fatar kan kowace safiya. Idan yatsan ya fito da sheƙi a rana ta biyu ko ta uku, fatarka mai maiƙo ce, kuma wanki duk kwana uku zuwa huɗu ne ya dace da kai. Idan sai wajen kwana shida ko bakwai, sau ɗaya a mako ya isa. Idan mako ya cika babu sheƙi, kuma fatar na ɗaurewa bayan wanki, busasshiya ce, tana iya kai kwana goma zuwa sha huɗu.

Hunturu, bazara da damina

Arewacin Gana na da damina ɗaya, daga wajen Mayu zuwa Oktoba. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ke kaɗowa da ƙura, sannan a Maris da Afrilu zafi kan kai maki 40, musamman a Bawku da ta fi kusa da Sahel. Kowane lokaci da abin da yake yi wa kai.

A hunturu, ƙura ta yi yawa amma iska busasshiya ce. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara yawan sabulu don an ga kai ya yi fari. Ƙura da gishirin gumi ruwa kaɗai na ɗauke yawancinsu. Maiƙo da man shafawa ne ke buƙatar sabulu. Don haka a bar wankin sabulu a kwanakinsa, a ɗauraye da ruwa zalla a tsakani, a kuma rufe kai idan za a hau babur. Man kaɗanya yana tsare laima, amma idan aka lafta shi a fatar kai ƙura ce ke manne masa. A shafa kaɗan a silin gashin tun yana da ɗan danshi.

A bazara da damina, gumi ne matsalar, musamman a ƙarƙashin hijabi, ɗankwali, hula ko hular kwano. A nan ana rage tazarar wanki da kwana biyu ko uku, kuma ba a rufe kai sai ya bushe sarai, domin jiƙaƙƙen gashi a rufe shi ke kawo wari da ƙaiƙayi.

Wankan ibada ma ɗauraya ce, ba wankin sabulu ba. Mai yawan yin sa ba sai ta sa sabulu kowane lokaci ba, abin lura dai shi ne busar da gindin kitso bayansa.

Misali: mai sayar da albasa a kasuwar Bawku

A ɗauki mace mai cikar gashi, wadda ke yin kitso duk mako biyu, tana wuni a kasuwa da ɗankwali da hijabi, kuma gwajin yatsa ya nuna maiƙo a rana ta shida. A watan Janairu, za ta yi babban wanki ranar tsifa: ta warware gashin da yatsu kafin ta jiƙa shi, ta cuɗa fatar kai da tafin yatsu ba farce ba, ta ɗauraye, ta sa kwandishana, sannan a yi kitso bayan ya bushe. A rana ta bakwai za ta narka cokali ɗaya na shamfu a kofin ruwa, ta bi layukan kitson da shi, ta ɗauraye sosai. Wanki biyu ke nan a mako biyu. A watan Afrilu, gumi zai sa ta mayar da shi duk kwana huɗu ko biyar, wato wanki uku a mako biyu.

Idan ruwa ya yi wuya, kamar yadda mutanen Yendi suka sani a rani, narkakken shamfu ya fi saurin ɗaurayewa, kuma goge layukan kitso da tsumma mai tsabta da aka jiƙa yana rage gumi kafin ranar wanki. Ruwan wasu rijiyoyi da burtsatse kuma ba ya kumfa da sabulu, yana barin wani fari-fari a gashi. Sabulun salo, wanda ake kira alata samina a Gana, yana wanki sosai amma yana da kaifin toka, saboda haka a narka shi a ruwa, kada a goga shi kai tsaye, kuma mai gashin da aka miƙar da rilaksa ta fi samun sauƙi da shamfu.

Alamun an yi yawa ko an yi kaɗan

Idan wanki ya yi yawa, gashi kan yi kaushi, guntayensa su cika mataji, fatar kai ta ɗaure tana zubar da ɗan busasshen gari. Idan ya yi kaɗan, za a ji wari da ƙaiƙayi, farce ya riƙa kwaso dauɗa mai danƙo, wani lokaci ƙananan ƙuraje su fito a goshi da ƙeya.

Amosanin kai yana rikitar da mutane da yawa. Ana ganin ɓawonsa a ɗauka bushewa ce, sai a ƙara mai a rage wanki, alhali ƙwayar da ke haddasa shi maiƙo take ci. Ɓawon amosani manya ne, masu maiƙo, kan yi ɗan ruwan ɗorawa. Maganinsa shamfu mai ketokonazol, sau biyu a mako na tsawon mako biyu zuwa huɗu, a bar kumfar minti uku zuwa biyar kafin ɗauraya. Makero kuwa, wanda ke cin gashin yara a zagaye, wanki ba ya warkar da shi. Maganin sha yake buƙata daga asibiti, kuma a raba wa yaron mataji, hula da kayan aski.