Layin da na bari a DNS tun zamanin tauraron ɗan'adam

Ƙarfe 8 na safiyar wata Talata a daminar 2016, waya ta fara ƙara a ɗakinmu na kwamfuta a Kano. Mutanen da muke hulɗa da su a Legas da Abuja sun ce duk wasiƙar imel da suka aiko mana cikin dare ta koma musu. A ranar ina asibiti da mahaifiyata, ba kowa a ɗakin sai wata yarinya 'yar bautar ƙasa da ba ta fi wata huɗu da mu ba. Abin da na koya mata bai wuce buɗe wa sabon ma'aikaci akwati da canza kalmar sirri ba.

Ta yi abin da kowa zai fara yi: ta aiko wa ofis wasiƙa daga akwatinta na waje, kuma nan take ta shigo. Sai ta buɗe `/var/log/mail.log`, littafin da sabarmu ke rubuta duk wanda ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ba ta ga an kori kowa ba. Abin da ta gani giɓi ne: layi na ƙarshe 23:41, na gaba 06:12. An yi ruwa da iska a daren, wuta ta ɗauke, batiran inbata sun yi abin da za su iya suka mutu, mai janareta kuma bai zo ba sai bayan asuba.

Da ta kira ni ta faɗa mini haka, sai na ce, "Malama, ai shi ke nan, rashin wuta ne. Ki ba su haƙuri, wasiƙun za su shigo da kansu."

Ta ce, "Oga, ai kai ka ce mini in saba ta mutu wasiƙa jira take yi. Waɗannan ba su jira ba, komawa suka yi."

Ta fi ni gaskiya. Ƙa'idar aika wasiƙa, wato SMTP, wadda Jon Postel ya rubuta a 1982, an gina ta ne a lokacin da mutuwar na'ura ba labari ba ne. Shi ya sa amsoshinta suke da lamba. Wadda ta fara da 2 na nufin an karɓa. Wadda ta fara da 4 na nufin yanzu ba hali, a dawo an jima. Wadda ta fara da 5 kuwa kora ce ta dindindin, sai a mayar wa mai wasiƙa kayansa. In kuma an ƙwanƙwasa ba wanda ya amsa, sabar mai aikawa takan ajiye wasiƙar ta yi ta gwadawa, galibi har kwana 4 zuwa 5 kafin ta haƙura. Rashin wutar awa shida da rabi bai isa ya mayar da ko wasiƙa ɗaya ba. Ke nan a daren akwai wanda ya amsa da sunanmu, ya ba da amsa mai lamba 5, alhali sabarmu tana kashe.

Wahalar irin wannan matsala ita ce shaidar ba ta hannunka. Takardar da ke bayyana dalilin komawar wasiƙa wurin mai aikawa take zuwa. Yarinyar ta kira wani akawu a Legas ta roƙe shi ya turo mata saƙon da ya dawo masa. Da farko hoton rabin allo ya ɗauko da waya, inda aka rubuta cewa saƙo bai isa ba, abin da kowa ya riga ya sani. Sai da ta lallaɓa shi ya turo duka, har da rubutun ƙasa da ba mai karantawa. Na sauya sunaye da lambobi, amma ga yadda yake:

```
Status: 5.7.1
Remote-MTA: dns; mx2.example.org
Diagnostic-Code: smtp; 554 5.7.1 Relay access denied
```

Layin tsakiya ne ya tsayar da ita. Shi ke faɗin na'urar da ta yi korar. Ita `mail.example.org` ta sani, tana ma kallonta a cikin akwatin ƙarfe kusa da taga. `mx2` kuwa ba ta taɓa jin sunanta ba. Ta tambayi DNS:

```
$ dig +short MX example.org
10 mail.example.org.
20 mx2.example.org.
$ dig +short A mx2.example.org
198.51.100.25
```

Wanda bai san sana'ar ba zai so a yi masa bayanin waɗannan layuka. Kafin 1983, sunayen duk na'urorin da ke kan ARPANET a fayil ɗaya suke, `HOSTS.TXT`, wanda wata cibiya a Kalifoniya ke riƙe da shi, kowa yana kwafa. Da na'urori suka yi yawa abin ya gagara, sai Paul Mockapetris ya tsara DNS, inda kowace ma'aikata ke riƙe da nata shafin sunaye, duniya tana zuwa tana tambaya. A 1986 aka shigo da layin MX, wanda ke gaya wa mai aikawa inda zai kai wasiƙar wani domen. Lambar da ke gabansa jerin fifiko ce: a fara da ƙarama, in ba ta amsa ba a wuce ta gaba. Wato a daren, kowace saba ta fara neman lamba 10, ta ji shiru, ta bi umarnin da muka rubuta da hannunmu ta nufi lamba 20.

Ta sake kirana. "Oga, mece ce `mx2`?"

Na yi shiru a barandar asibiti, domin ni na rubuta layin, a 2006.

A wancan lokacin da tauraron ɗan'adam muke shiga intanet. Faranti ne babba a kan rufin ofis, kuma da hadari ya haɗu sai layi ya yanke. Duk wanda ya riƙe sabar imel a Arewa a shekarun nan ya san dabarar: ka roƙi kamfanin da ke ba ka layi ya ajiye maka saba ta biyu a wurinsa, inda wuta ba ta ɗaukewa. In taka ta faɗi, tasu ta karɓi wasiƙun ta riƙe, in ka dawo ta miƙo maka. A lokacin hikima ce, har alfahari na yi da ita a taron ma'aikata. Bayan da manyan wayoyin ƙarƙashin teku na Main One da Glo-1 suka fara aiki a Legas a 2010, farashi ya fara sauka, mu ma a 2011 muka bar tauraron muka koma wani kamfanin. Na canza lambar `mail` zuwa sabuwa, na gwada, wasiƙa ta shigo, na tafi gida. Layin lamba 20 na bar shi yana nuna wata lamba da ba tamu ba kuma. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ni dai na manta ma akwai ɗakin.

Me ya sa aka shekara biyar ba a ji komai ba, alhali wuta ta ɗauke sau ba adadi? Domin lambar a mace take. Mai aikawa ya gwada 10 shiru, ya gwada 20 shiru, sai ya ajiye ya jira safiya. Kuskuren yana nan, amma shirun ya rufa masa asiri. Lambobin intanet irin na da kuwa sun yi ƙaranci, ba kamfanin da zai bar tasa a banza har abada. Wata rana aka ba wani sabon mai haya ita, shi kuma ya kafa tasa sabar imel a kai. Yarinyar ta tabbatar da haka ba tare da na gaya mata ba: ta buga `telnet 198.51.100.25 25`, sai gaisuwar `220` ta fito da sunan wani kamfani da ba mu taɓa ji ba.

Sabar mutumin ba ta yi laifin komai ba. A farkon zamani sabobi kan karɓi wasiƙar kowa su miƙa gaba, kamar direban da ake ba saƙo a tasha. Masu watsa wasiƙun banza ne suka ɓata wannan mutunci, har Sendmail ta rufe ƙofar a fitowarta ta 8.9 a 1998, sauran manhajoji ma haka suke zuwa a rufe. Yau saba ba ta karɓar wasiƙar domen da ba a rubuta mata ba. An kawo mata tamu, ta duba ba ta san mu ba, ta ce `554`. Ni har godiya nake yi mata. Da mai ita ya saita ta tana karɓar duk abin da ya zo, da takardun kwangilarmu da na albashi sun zube a hannun baƙo, ba wanda zai kira ya yi ƙorafi, mu kuma ba za mu taɓa sani ba.

Gyaran bai kai minti biyar ba. Na ba ta izini ta waya, ta buɗe fayil ɗin domen ta goge layin MX na biyu da layin A na `mx2`. Na tuna mata ta ƙara lambar da ke cikin SOA, domin da ita sabar DNS ta biyu ke gane an yi sauyi; in an manta, ɗaya ta riƙa faɗin sabon zance ɗaya tana faɗin tsoho. Ta karanto mini lambar da ta tarar: `2011031401`. Mun saba rubuta ta da kwanan wata, don haka ba sai an yi bincike ba: rabon da a taɓa fayil ɗin tun 14 ga Maris 2011, ranar da na yi ƙaura na bar kaya a tsohon gida.

Na ce mata an gama. Ta ce, "Oga, saura TTL."

Kowane layi a DNS yana ɗauke da adadin daƙiƙun da aka yarda wasu su riƙe amsar kafin su sake tambaya. Namu `86400` ne, kwana ɗaya cur. Duk sabar da ta tambaye mu da safiyar nan kafin gyara tana da damar ci gaba da aiki da tsohuwar amsa har gobe war haka. Rage lambar yanzu ba zai taɓa waɗanda suka riga suka kwafa ba. Ana rage ta ne kwana ɗaya kafin sauyi, in an san za a yi. Ma'ana, in wuta ta sake ɗaukewa a daren, wasu wasiƙun za su sake faɗawa gidan baƙon. Ba umarnin da za a buga a allo ya magance wannan. Ita ta rubuta takardar neman kuɗin dizal, ta bi ta ofis-ofis har aka sa hannu kafin la'asar. Ni kuma da na baro asibiti na ɗauko tabarma na kwana a ɗakin kwamfuta, janareta yana ta ruri a bayan taga.

Wasiƙun da suka koma kuwa sun koma, ba sabar da ke riƙe da su. Sai da aka bi mutane ɗaya bayan ɗaya a waya ana roƙonsu su sake aikowa, kuma waɗanda suka yi ƙorafi kaɗai muka sani. Ba mu sake kafa saba ta biyu ba. Mun sayi sababbin batira, muka bar layin MX ɗaya tak, tunda masu aikawa sun iya jira. Da yarinyar ta gama bautar ƙasa na rubuta wa shugabanmu cewa a riƙe ta, aka ce ba gurbi. Kafin ta tafi ta bi fayil ɗin layi-layi, ta samo wasu sunaye uku da ke nuna na'urorin da aka daɗe da gwanjonsu. Biyu daga ciki ni na rubuta su.