Shigar da Ambaton Mai Ɗaukar Nauyi cikin Rubutun Bidiyo: Nazari kan Hukuncin Oreo na 2014

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda marubuci zai saka ambaton kamfanin da ya biya kuɗi cikin rubutun mai shirya bidiyo, ta yadda zance zai tafi salin-alin, mai kallo kuma ya san talla yake kallo. Hujjarta ita ce daɗin sauraro yana samuwa daga dacewar haja da maudu'i, bayyana biyan kuwa wajibi ne ya gabaci yabo.

Mas'alar da hukuncinta

A watan Nuwamba na 2014, hukumar kula da ƙa'idojin talla ta Birtaniya, wato ASA, ta yanke hukunci a kan bidiyo biyar da kamfanin Mondelez ya biya wasu mashahuran YouTube suka yi, inda suke gasar lashe kirim ɗin biskitin Oreo. Masu bidiyon ba su ɓoye sunan kamfanin ba, domin har godiya aka yi wa Oreo saboda ya sa aikin ya yiwu. Amma hukumar ta ga cewa godiya irin wannan, ko da ta nuna kamfanin yana da hannu, ba ta sanar da mai kallo cewa abin da ke gabansa talla ne da aka biya aka kuma tsara ba, balle ma da yake bidiyon sun zo da kama da salon waɗanda masu tashoshin suka saba yi kullum. Ta ƙara da sharaɗin cewa sanarwa ta riski mutum tun kafin ya shiga kallo.

A nan ne, a ganina, mas'alar take da zurfi, domin abin da kamfani ya saya da kuɗinsa, wato muryar da masu kallo suka amince da ita, shi ne ainihin abin da ya jawo shubuha. Gwargwadon yadda marubuci ya ƙware wajen narkar da talla cikin hira, gwargwadon haka haƙƙin bayani yake ƙara nauyi a wuyansa. Hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta bi wannan tafarki a 2016, sa'ad da ta tuhumi Warner Bros. da barin sanarwar biya a ƙasan bayanin bidiyo, inda sai an danna "Show More" ake ganinta. Cikin gyaran ƙa'idojinta na 2023 kuma ta fayyace cewa yabon da aka yi da baki a bayyana biyansa da baki, wanda aka nuna wa ido a bayyana shi ga ido.

Aiki da ƙa'idar

Mu ƙaddara mai koyar da girki ce za ta yi bidiyon minti takwas kan suyar doya, wani kamfanin man girki kuma ya biya ta. Marubuci zai sa kalmar talla a take ko a hoton bidiyon, ya kunna alamar da YouTube ke nunawa, "Includes paid promotion", ba tare da ya dogara da ita kaɗai ba, sa'an nan ya rubuta mata jimla guda bayan sallama: "Kamfanin man da zan yi suya da shi yau ya biya ni in tallata shi." Daga nan sai a bar man ya huta har minti na uku, lokacin da kasko ya hau wuta kuma mai kallo da kansa yake son sanin wane mai ne ba ya saurin hayaƙi; a nan ta faɗi abin da ta gani da idonta, da lafazinta na kullum, har da aibinsa in akwai, kamar tsada. Ba ya halatta a sa mata a baki cewa ta daɗe tana amfani da shi alhali jiya aka kawo mata, kuma duk wata da'awa ta lafiya da kamfani ya turo, matuƙar ba ta zo da hujja ba, a cire ta.

Alamar ɓacin rubutu ba ta da wuyar ganewa: jimlolin mai magana su sauya zubi, siffofin yabo su taru, sunan haja ya yi ta maimaituwa. Hanyar gwaji kuwa ita ce a nuna wa wanda bai san yarjejeniyar ba rabin minti na farko, a tambaye shi ko an biya ta. In ya yi jinkiri ko ya ce watakila, sanarwar ba ta wadatar ba, sai a sake rubuta ta.