Auna Launin Rini da Na'ura: Ma'anar L*a*b* da ΔE

Ɗan kasuwar Rimin Gado da ya kai yadi marinar Ƙofar Mata a birnin Kano, ya koma bayan wata guda domin a rina masa irinsa, da ido ake daidaita masa launi. Amma ido yana ruɗuwa gwargwadon hasken wuri. Na'urar sifektirofotomita ita ce take mayar da launi zuwa lambobin da za a iya rubutawa a ajiye.

Yadda take aiki

Na'urar tana haska ƙyalle, sannan ta auna yawan hasken da ya dawo a kowane zango na hasken da ido ke gani, daga kimanin nanomita 400 zuwa 700. Daga nan take fitar da lambobi uku bisa tsarin da Hukumar Haske ta Duniya, CIE, ta amince da shi a 1976. L* yana nuna haske, daga 0 (baƙi) zuwa 100 (fari). a* yana nuna ja idan ya haura sifili, kore idan ya yi ƙasa da shi. b* kuwa rawaya ne a sama, shuɗi a ƙasa.

Misali

A ɗauka samfurin farko, rinin baba, ya ba da L* 24, a* 3, b* −18, sabon rinin kuma ya ba da L* 26, a* 2, b* −16. Bambancin shi ne +2 da −1 da +2. Ana haɗa su kamar haka:

```
ΔE = √(ΔL*² + Δa*² + Δb*²) = √(4 + 1 + 4) = 3
```

Bambancin da bai kai 1 ba da wuya ido ya gane shi, amma 3 yakan fito idan aka jera yadin biyu. Sai dai ΔE girman bambanci kawai yake faɗa, ba ya nuna inda aka karkata. Lambobin ukun ne suka nuna cewa sabon ya fi haske kuma shuɗinsa ya ragu, alamar yana bukatar ƙarin tsomawa. Iyakar da za a karɓa kuwa, mai kaya da marini ne suke yarjejeniya a kanta tun farko.

Inda ake kuskure

Rinin baba yakan fito daga rami da kore, sai ya sha iska yake komawa shuɗi, don haka ba a aunawa sai an wanke ya bushe, domin jiƙaƙƙen yadi ya fi duhu. Bugu yana sa yadi sheƙi, saboda haka ba a gwada bugagge da wanda ba a buga ba. Yadi marar kauri a ninka shi har haske ya daina ratsawa. A daidaita na'urar da farin faifanta kafin aiki, a auna duka biyun da saiti ɗaya, misali D65, wanda ke wakiltar hasken rana.

Lissafin 1976 ba ya dacewa da ganin ido sosai a ɓangaren shuɗi, shi ya sa aka fito da CIEDE2000 a 2001. Wajibi ne takardar ciniki ta bayyana lissafin da aka bi.