Shekara nawa ake ajiye rasit da takardun ciniki saboda binciken haraji?

Dokokin haraji na Najeriya sun wajabta wa kowane kamfani da kowane ɗan kasuwa ya adana littattafan lissafinsa da takardun da ke tabbatar da su na tsawon shekara 6 aƙalla. Haka abin yake a tsohuwar dokar harajin kamfanoni, kuma sabuwar dokar gudanar da haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2026, ba ta rage wannan wa'adi ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ma shekara 6 ta gindaya ga takardun lissafi.

Inda mutane ke yin kuskure shi ne wajen ƙirga shekarun. Da yawa sukan fara ƙirge daga ranar da aka rubuta a jikin rasit, su ƙona takardun tun wa'adinsu bai cika ba.

Daga ina ake fara ƙirge?

Hukumar haraji tana aiki ne da abin da ake kira shekarar ƙiyasin haraji. Ga mai kasuwanci, ribar da ya samu a bana, a baɗi ake yanka mata haraji. Saboda haka cinikin da aka yi a 2024 yana faɗawa ne cikin shekarar ƙiyasi ta 2025, kuma bayan ƙarewar wannan shekara ne ake fara ƙirga shekara 6 ɗin.

A ɗauki misalin kamfanin da ke rufe lissafinsa a ranar 31 ga Disamba. Ya sayi kaya a ranar 14 ga Maris, 2024. Shekarar ƙiyasin wannan ciniki ita ce 2025. Shekaru shida da ke biye da ita su ne 2026 zuwa 2031. Ke nan takardar za ta zauna a ajiye har 31 ga Disamba, 2031, wato kusan shekara takwas daga ranar da aka rubuta ta. Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙara 7 a kan shekarar da aka yi cinikin, a rubuta abin da ya fito a jikin kwalin ajiya: takardun 2024 sai bayan ƙarshen 2031.

Dalilin wa'adin shi ne, a cikin waɗannan shekaru hukuma tana da ikon komawa baya ta sake duba abin da aka biya, ta ƙara yanka haraji idan ta ga an rage. Kamfanoni da harajin VAT suna ƙarƙashin hukumar tarayya da aka sani da FIRS, wadda yanzu ta koma NRS. Ɗan kasuwar da ke ciniki da sunansa ko da sunan kasuwanci kawai, harajin kuɗin shigarsa yana hannun hukumar haraji ta jihar da yake zaune.

Takardun da suke wuce wa'adin

Akwai takardu iri uku da ba a zubarwa ko da shekarun sun cika.

Na farko, takardun kadara mai daɗewa, kamar motar ɗaukar kaya, janareta, injin niƙa, shago ko sito. Ana cire wani kaso na kuɗin irin wannan kadara daga riba shekara bayan shekara, kuma ranar da aka sayar da ita za a nemi sanin nawa aka saye ta. Idan an sayi mota a 2020 aka sayar a 2028, rasit ɗin 2020 yana nan da aikinsa, kuma daga shekarar sayarwa ne za a fara ƙirga masa wa'adi.

Na biyu, duk takardar da ta shafi shekarar da ake bincike ko ake jayayya a kanta, ko a gaban hukuma ko a kotun ɗaukaka ƙarar haraji. Ba a taɓa ta sai an kammala maganar baki ɗaya.

Na uku, takardun asali: shaidar rajistar kamfani, lambar shaidar mai biyan haraji, takardun fili da shaidar biyan haraji ta kowace shekara. Waɗannan ana ajiye su muddin kasuwancin yana raye.

A kuma sani cewa wa'adin shekara 6 ba ya kāre wanda ake zargi da zamba ko ɓoye kuɗin shiga da gangan. A irin wannan hali doka ta ba hukuma damar komawa baya fiye da haka.

Abin da mai bincike yake nema

Jami'in bincike ba ya gamsuwa da takarda ɗaya tilo. Yana ɗaukar ciniki guda ya bi sawunsa daga farko zuwa ƙarshe. Yana son ya ga takardar cinikin da mai sayarwa ya bayar, wadda 'yan kasuwa ke kira inbois, sai webil ɗin da ya nuna kayan sun iso, sai shaidar biyan kuɗi a bayanin asusun banki, sai kuma layin da aka shigar da cinikin a littafi. Idan adadin kuɗi da kwanan wata suka dace a duka huɗun, ya wuce gaba. Idan ɗaya ya ɓace, nan tambaya take farawa.

Ga yadda ɓatan takarda ɗaya ke zama asara. A ce wani kamfanin sayar da kayan gini a Kano ya sayi tayil na Naira 4,000,000, aka ɗora masa VAT na kashi 7.5 cikin 100, wato Naira 300,000. Ya sayar da kayan a kan Naira 5,000,000, ya karɓi VAT na Naira 375,000 daga masu saye. Abin da zai miƙa wa hukuma shi ne bambancin, Naira 75,000, domin ya riga ya biya 300,000 a lokacin saye.

Bayan shekara huɗu aka zo bincike, aka nemi inbois ɗin sayen, ba a same shi ba. Jami'in yana iya ƙin amincewa da Naira 300,000 ɗin da aka cire, ya ce a biya su, haɗe da tara da kuɗin jinkiri. Idan kuma babu webil, kuma da tsabar kuɗi aka biya, yana iya ƙin lissafa Naira 4,000,000 ɗin a matsayin kuɗin sayen kaya, sai su koma cikin riba. Ga kamfanin da ke biyan kashi 30 cikin 100, wannan ƙarin Naira 1,200,000 ne a kan cinikin da ribarsa ta gaskiya ba ta wuce miliyan ɗaya ba. Da ta banki aka biya, da shaidar turawar ta taimaka wajen kāre kuɗin sayen, amma ba za ta nuna nawa ne VAT a ciki ba.

Wanda ba shi da littattafai kwata-kwata, hukuma takan yanka masa haraji bisa ƙiyasinta. Yana da kwana 30 ya rubuta ƙorafi, sai dai ƙorafin da babu takarda a bayansa ba ya nisa.

Wani abin lura ga masu rubuta littafin ciniki da Hausa, ko da boko ko da ajami: doka ta ce a ajiye lissafi da Turanci, kuma idan an yi shi da wani harshe, hukuma tana iya neman a kawo fassarar da aka tabbatar, mai kasuwancin ne kuma zai biya kuɗinta. Ya fi sauƙi akanta ya riƙa fitar da taƙaitaccen lissafi da Turanci a ƙarshen kowane wata.

Tsara takardun hannu

Kowace shekara ta samu kwalinta, kowane kwali kuma a raba shi zuwa fayil biyar: sayayya, sayarwa, banki, albashin ma'aikata, sai haraji. A cikin fayil a jera takardu wata-wata, domin bayanin VAT wata-wata ake miƙa shi, kafin ranar 21 ga watan da ke biye ta wuce, kuma jami'i yakan kwatanta jimillar takardun wata da abin da aka miƙa. Inbois da webil da shaidar biyan kuɗi na ciniki ɗaya a haɗe su wuri guda.

Littafin rasit na sayarwa ya kasance mai lambobi a jere. Idan an yi kuskure a shafi, a ja masa layi a rubuta an soke, a bar shi a cikin littafin. Shafin da aka yage yana barin giɓi a lambobi, kuma mai bincike yakan ɗauki giɓin a matsayin cinikin da aka ɓoye.

'Yan kwangila su ware wuri na musamman ga shaidar harajin da ma'aikatu da kamfanoni ke cirewa kafin su biya su kuɗin aiki. Da wannan shaida ce ake rage harajin ƙarshen shekara, wanda bai bibiye ta ba yana iya biya sau biyu.

Rasit ɗin na'urar POS da na gidan mai ba da tawada ake buga su ba, zafi ne ke fito da rubutun, shi ya sa suke koɗewa cikin 'yan watanni, musamman a lokacin bazara. A yi musu hotokwafi ko a ɗauki hotonsu a makon da aka karɓe su. Kwalaye kuma a ɗora su a kan kanta saboda gara da danshin damina, kuma kada a tara duk shekarun a shago. Gobarar da ta cinye babban ɓangare na kasuwar Sabon Gari a Kano a 2016 ta isa darasi.

Ajiya a waya da kwamfuta

Dokar shaida ta 2011, a sashe na 84, ta amince da takardun da aka samar ta kwamfuta idan an cika sharuɗɗanta. Duk da haka, idan asalin takarda a hannu aka ba da ita, a riƙe ta, hoton ya zama madadi idan ta ɓace.

Manyan fayil-fayil na kwamfuta su bi tsarin kwalayen: shekara, sannan nau'i, sannan wata. Sunan kowace takarda ya fara da shekara, wata da rana, domin su jeru da kansu:

```
2024/Sayayya/03/2024-03-14_tayil_0457.pdf
```

A riƙe kwafi uku: ɗaya a kwamfutar aiki, ɗaya a filash ko faifan ajiya da ke gida, ɗaya a ma'ajiyar intanet. Asusun intanet ɗin ya kasance da sunan kasuwancin, kuma mai shi ya riƙe kalmar sirri, domin yaron shago ko akanta yana iya barin aiki. Inbois ɗin da aka turo ta WhatsApp a sauke shi a ranar, saboda yana tafiya tare da wayar idan ta ɓace. Saƙon alat ba ya maye gurbin cikakken bayanin asusu, don haka a sauke na banki duk wata. Sau ɗaya a shekara a buɗe wasu tsofaffin fayil a tabbatar suna karantuwa.

Ma'aikatan gwamnati

Ma'aikaci ana cire masa haraji daga albashi, amma shi ma yana da abin ajiyewa: takardun albashi na wata-wata, shaidar kuɗin fansho da na asusun gidaje, da rasit ɗin haya. Sabuwar doka ta ba da rangwamen kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar shekara, iyakarsa Naira 500,000, kuma sai an bayyana ainihin abin da aka biya. Takardar shaidar biyan haraji kuwa shekara uku da suka gabata take dubawa. Ma'aikacin da ke da shago ko gidan haya a gefe, wannan kuɗin shiga yana bin ƙa'idar 'yan kasuwa, gara ya buɗe masa asusun banki dabam.

Idan wa'adi ya cika, a duba kwalin a cire takardun kadara da na duk wata jayayya da ba a rufe ba, a rubuta jerin abin da za a lalata da kwanan wata, sannan a ƙona sauran. Kada a ba masu ƙosai da tsire su yi ƙunshi da su, domin suna ɗauke da lambobin asusu da sunayen abokan ciniki.