Saita PID don mutum-mutumi mai taya biyu ya miƙe sambal

Motocin da ke juya tayoyin biyu ba sa gudu ɗaya, shi ya sa na'urar ke karkacewa. PID lissafi ne da ke auna bambancin juyawarsu, ya rage wa mai sauri wuta, ya ƙara wa mai nawa. Lambobi uku ake saita masa.

Akan bar Ki da Kd a sifili, a riƙa ɗaga Kp har na'urar ta soma tangaɗi hagu da dama. Idan a 10 ta soma, ƙa'idar Ziegler da Nichols ta 1942 ta ce a mayar da shi 6. Kd ke kwantar da sauran tangaɗin, amma in ya yi yawa motocin sai su kama karkarwa. Ki kaɗan ake sawa daga ƙarshe, don karkatar da ta ƙi gyaruwa.

A turɓaya irin ta Tamawa taya kan zame, awon ya yi ƙarya. Gwaji sai a daɓen siminti.